Darasi na Bakwai: Yadda ake gwada sikelin lab da dutsen awo

Sikelin da za mu yi magana a kai yau shi ne wannan mai ɗan akwatin gilashi da ƙofofi, wanda ake gani a lab na asibiti da kamfanonin magani da makarantu. Yawancinsu suna ɗaukar nauyi har giram 220, kuma suna nuna lamba huɗu bayan ɗigo, wato 0.0001 na giram. Miligiram ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na giram, to wannan sikelin yana ganin kashi ɗaya cikin goma na miligiram ɗin ma. Matsalar ita ce ko ya lalace lamba zai ba ku, kuma lambar za ta fito tsaf a allo kamar ba komai. Hanyar da za ku gane gaskiyarsa guda ce, ku ɗora masa abin da kun riga kun san nauyinsa ku ga me zai ce.

Abin nan shi ne dutsen awo. Ana ce masa dutse amma ƙarfe ne marar tsatsa, yana zuwa cikin akwatinsa tare da takardar shaida. Akwai aji-aji bisa ƙa'idar duwatsun awo ta ƙasa da ƙasa mai suna OIML R111, na wannan sikelin galibi E2 ne ko F1. Dutsen giram 100 na ajin E2 ba a yarda ya kauce fiye da miligiram 0.16 ba, na F1 kuma miligiram 0.5. Kun ga kenan idan mutum ya ɗauke shi da hannu tsirara, gumi da maiƙon yatsa kaɗai sun isa su ɓata lissafi, kuma a hankali su ci jikin ƙarfen. Ƙanana da matsefata mai bakin roba ake ɗaukarsu, manya da safar hannu mai tsabta, kuma daga akwati sai faranti, daga faranti sai akwati, kar a ajiye shi kan tebur ko na minti ɗaya ne.

Kafin a fara gwajin komai sai an duba kumfar nan ta iska da ke cikin ɗan da'ira a jikin sikelin. Idan ba ta tsakiya a murɗa ƙafafun sikelin har ta dawo. A share farantin da burushi mai laushi. A kashe fanka, kar iskar na'urar sanyaya ɗaki ta riƙa bugunsa kai tsaye. Sannan maganar wuta, wadda a wajenmu ita ce babba: idan an ɗauke wuta aka dawo da ita ko aka tada janareta, kar ku ce tunda allo ya kama shikenan, sikelin yana buƙatar ya ɗumama aƙalla kamar awa ɗaya, wasu ma fiye, ku duba littafinsa. Shi ma dutsen a bar shi kusa da sikelin ya ɗauki zafin ɗakin, don in ya fi ɗakin ɗumi iskar da ke tashi daga jikinsa za ta sa ya nuna kamar ya fi sauƙi, lambar kuma ta yi ta tafiya ta ƙi tsayawa.

Gwajin farko shi ne na kullum kuma ba ya cin lokaci. A rufe ƙofofi, a danna ZERO ko TARE har allo ya nuna 0.0000, a buɗe ƙofa ɗaya a ɗora babban dutse a tsakiyar faranti, misali na giram 200, a rufe, a jira alamar tsayuwa ta fito sannan a rubuta. Da lambar da ke cikin takardar shaida za ku kwatanta, ba da 200 cif ba. A ce takarda ta ce 200.0001, sikeli ya nuna 200.0003, bambanci miligiram 0.2 kenan, sai a duba iyakar da lab ɗinku ya sa a takardar aiki. Wani abu da nake so ku riƙe, ku rubuta abin da kuka tarar kafin ku taɓa CAL. In kuka fara danna CAL sikelin ya gyara kansa sannan kuka gwada, to kun goge shaidar yadda yake jiya da yamma lokacin da ake auna kayan mutane.

Yanzu gwajin maimaitawa, wanda a ganina shi ya fi cancanta a zauna a kansa. Tambayarsa ita ce in an ɗora abu ɗaya sau da yawa, amsa ɗaya yake bayarwa ko yana yawo? Don wannan ƙaramin dutse ake ɗauka, kamar giram 10 a sikeli mai ɗaukar 220, saboda mun fi damuwa da yadda yake yi da ƙananan awo. Dutse ɗaya tak, mutum ɗaya, sau 10 a jere, kowane karo a sauke dutsen, a rufe ƙofa, a mayar da sifili, sannan a sake ɗorawa a wuri ɗaya. Ga misali na abin da za a iya samu:

10.0001, 10.0000, 10.0001, 10.0002, 10.0001, 10.0000, 10.0001, 10.0001, 10.0002, 10.0001

Matsakaicinsu 10.0001 ne. Guda shida sun faɗa daidai a kai, biyu sun yi ƙasa da miligiram 0.1, biyu sun yi sama da 0.1. Yanzu za mu fitar da lamba ɗaya da ke nuna yawan warwatsuwar, wadda a takardu ake rubuta ta da s. Kowane bambanci a ninka shi da kansa, 0.1 sau 0.1 ya ba da 0.01, muna da guda huɗu, jimla 0.04. A raba da 9, wato yawan awon a cire ɗaya, ya zama 0.0044. Sai a danna alamar √ a kalkuleta, za a samu kusan miligiram 0.067. Mai kwamfuta kuma in ya zuba lambobin a Excel daga gidan A1 zuwa A10 sai ya rubuta wannan, amma ya tuna amsar a giram za ta fito:

```
=STDEV.S(A1:A10)
```

To me za a yi da 0.067? Anan amfanin yake. Masu aikin magani suna bin babi na 41 na USP, wato littafin ƙa'idojin magani na Amurka, wanda ya ce in an ninka s sau biyu aka raba da mafi ƙarancin abin da ake son aunawa, kar ya wuce kashi 0.10 cikin ɗari. A sauƙaƙe, ku ninka s sau 2000, abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin nauyin da sikelin ya cancanci aunawa. A misalinmu kusan miligiram 134 kenan. Don haka idan wani ya zo zai auna garin magani miligiram 50 a wannan sikelin, allo zai nuna masa 0.0500 lafiya lau, amma in aka yi lissafin s sau biyu, wato miligiram 0.134, a raba da 50 za a samu kusan kashi 0.27 cikin ɗari, ya haura iyaka kusan ninki uku. Ko dai ya ƙara yawan abin da zai auna ko ya nemi sikelin da ya fi wannan gani. Kuma nauyin kwalba ko takardar da aka zuba garin a ciki baya shiga lissafi, garin kaɗai ake nufi.

Wani zai ce to ni nawa sau goman nan lamba ɗaya ya ba ni, s ɗina sifili ne, kenan komai ƙanƙantar abu zan auna. A'a. Allon yana dunƙule lamba ne zuwa 0.0001 mafi kusa, akwai yawon da baya nunawa, shi ya sa ƙa'idar ta ce in s ya gaza 0.41 na ƙaramar lambar allo, a yi amfani da 0.41 ɗin. A sikeli mai 0.0001 wannan ya ba da miligiram 82, ba a sauka ƙasa da haka komai kyawun sikelin.

In gwajin ya fito da muni kar a yi saurin cewa sikeli ya mutu. Ku kalli yadda lambobin suke. Idan suna ta hawa ko suna ta sauka gefe ɗaya, galibi zafi ne, ko sikelin bai ɗumama ba ko dutsen. Idan suna tsalle sama da ƙasa ba tsari, ku nemi iska ko girgiza, ƙofar da ba ta rufu sosai ba, wani ya jingina da tebur, janareta a bayan bango. Lokacin hunturu kuma busasshiyar iska tana sa gilashi da roba su tara irin wutar nan da ke ɗan jan mutum in ya taɓa mayafi, ita ma tana sa lamba ta ƙi zama.

Na ƙarshe shi ne gwajin gefe-gefe. Abu ɗaya ya kamata ya nuna nauyi ɗaya ko a tsakiyar faranti yake ko a gefe, amma babu sikelin da yake haka ɗari bisa ɗari, sai dai a san girman bambancin. Ana ɗaukar dutse guda mai kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin sikelin, na 220 ya kama wajen giram 73, tunda ba dutse mai wannan nauyin sai a ɗauki na giram 100. A mayar da sifili, a fara da tsakiya, sai gaba ta hagu, baya ta hagu, baya ta dama, gaba ta dama, a sake komawa tsakiya. Ba can bakin faranti ake kai shi ba har ya leƙa waje, kamar rabin tazarar da ke tsakanin tsakiya da baki ne, kuma ɗaga shi ake yi a ajiye, ba a ja shi a kan faranti.

A ce tsakiya ya nuna 100.0002, gaba ta hagu 100.0001, baya ta hagu 100.0003, baya ta dama 100.0006, gaba ta dama 100.0003, tsakiya kuma 100.0002. Kowane gefe da tsakiya ake kwatanta shi, kuma wanda ya fi nisa shi ne sakamako, anan baya ta dama ne da miligiram 0.4. Dawowar tsakiya daidai da farko ta nuna mana ba tafiyar lamba ba ce, lallai wannan kusurwar ce ke da magana. In iyakar da ke takardar aikinku miligiram 0.3 ce to ya faɗi. Sai a kashe sikelin a ɗaga farantin a hankali a leƙa ƙarƙashi, sau da yawa ɗan gari ne ya zube ya taru ko farantin bai zauna daidai a gurbinsa ba ko yana gogar zoben da ke kewaye da shi. A share, a mayar, a duba kumfa, a jira ya ɗumama a sake gwajin duka daga farko. CAL baya gyara wannan matsalar, don haka in ya sake faɗuwa a manna masa takarda cewa kar a yi aiki da shi, a gaya wa shugaban lab, a kira mai gyara. A littafin sikeli kuma a rubuta sakamakon farko da na biyun duka, da kwanan wata da lambar dutsen da sunan wanda ya gwada, sannan a koma a duba abubuwan da aka auna tun ranar da sikelin ya ci gwaji na ƙarshe.