Yadda ake haska farin ido da ƙyallinsa a hoto ba tare da an mai da mutum 'yar tsana ba

Hoton da zan yi misali da shi na wata amarya ce, ranar kamu, tana zaune a ƙarƙashin rumfa da la'asar. Ta yi kwana biyu barcinta bai kai ya kawo ba, ta sha kuka, ga ƙurar hunturu, ga mayafi ya sauko har goshi. Kwalliya ta yi kyau, amma idanun sun yi ja sun faɗa cikin duhu. A gyarana na farko na ɗauki farin burushi na shafe farin idon gaba ɗaya. Da ƙanwarta ta gani a waya sai ta ce, "Yaya, ai wannan kamar ta ga aljani!" Gaskiyarta.

Abin da ya sa haka shi ne farin ido ba fari ba ne. Ƙwallo ne a cikin gurbi, fatar ido ta sama da gashin ido suna yi masa inuwa, yana ƙara duhu ta kusurwoyi biyu, kuma ta wajen hanci akwai ɗan jan nama. A wurin masu duhun fata sau da yawa yana da ɗan launin ƙasa-ƙasa ko tabo-tabo na halitta. Idan ka shafe wannan inuwar, ƙwallon ya zama faifai, shi ne kallon 'yar tsana. Sannan a fuska mai duhu, musamman da kwalli ya zagaye idon, farin ya riga ya fita da kansa, don haka ƙarin da zai wuce lafiya a wata fuskar, a nan sai ya yi ihu.

Ka fara da duban lambobi, kafin ka taɓa komai. A Photoshop danna F8 don buɗe Info, ka ɗora linzami a kan wurin da ya fi haske a farin idon. A hoton amaryar nan na samu R 168, G 136, B 126, wato ja, kore da shuɗi. Cikakken fari 255 ne a dukkan ukun. Lambobin sun gaya mini cewa matsalar ba duhu ba ce kawai: ja ya fi shuɗi da 42, wato idon rine yake. Yawancin idanun da ake cewa sun yi duhu, launi ne ya dame su. Saboda haka launi ake fara ragewa, haske ya biyo baya.

Idan kuma fuskar duka ta rine, misali rumfar tamfol ja ce ko ruwan ɗorawa, gyara launin hoton gaba ɗaya tukuna. In ka wanke ido kaɗai a fuskar da ta rine, sai ya zama kamar an liƙo shi daga wani hoton.

Matakin farko na hannu shi ne jijiyoyi. Buɗe sabuwar leya da babu komai a kanta, ɗauki Healing Brush, a sama ka sa Sample ya zama Current & Below. Ka ƙanƙanta burushin ya ɗan fi jijiyar kauri kaɗan, ka riƙe Alt ka ɗauko daga wuri mai tsabta da ke daf da ita. Manya biyu ko uku da suka yi ja sosai su za ka cire, ƙananan ka ƙyale su. Da ka gama, rage Opacity na leyar zuwa wajen 70%, don alamar jijiyoyin ta ɗan dawo. Kada burushin ya hau gefen baƙin ido, zai jawo duhu ya yi dabbare.

Sai launi. Ƙara leyar Hue/Saturation. Daga Master ka sauya zuwa Reds, ka ja Saturation zuwa -35, sannan Yellows zuwa -20. Yanzu hoton duka zai koɗe, har jan baki da lalle, kada ka damu. Danna farin akwatin da ke jikin leyar, wato Layer Mask, wanda zan riƙa kira marufi, ka danna Ctrl+I ya koma baƙi. Gyaran ya ɓuya. Ɗauki burushi mai laushi, Hardness 0%, launi fari, Flow 10%, ka riƙa shafawa a kan farin idon a hankali. Amfanin ƙaramin Flow shi ne gyaran yana taruwa da kowace shafa, kana ganinsa yana zuwa, ka tsaya inda ya isa.

Wurare biyu burushin nan ba ya zuwa: jan naman kusurwar hanci, da layin fatar ido ta ƙasa mai damshi. Jansu na jini ne, in ya tafi idon ya mutu. Kuma kada ka kai Saturation -100. Farin ido mai launin toka tsantsa a cikin fata mai ɗumi, ido yana ganinsa kamar shuɗi-shuɗi, irin na marar lafiya. A hotona, bayan wannan matakin, lambobin sun koma wajen R 160, G 143, B 136. Ja yana nan a gaba, tazarar ce ta ragu zuwa 24, kuma tun kafin in ƙara haske ko kaɗan idon ya riga ya washe.

Yanzu haske. Ƙara leyar Curves, ka kama tsakiyar layin ka ɗaga shi sama kaɗan, Input 128 ya zama Output 155 ko kusa da haka. Kada ka taɓa ƙarshen layin na sama. Mai da marufin baƙi kamar ɗazu, ka rage Flow zuwa 5%. A nan ne aikin yake, don ba duk farin za ka shafa ba. Ka shafa tsakiyar kowane ɓangare, hagu da daman baƙin ido, inda ƙwallon ya fi turowa gaba. Inuwar da ke ƙarƙashin fatar ido ta sama ka bar ta yadda take, kusurwoyi ma su ci gaba da duhunsu. Ka lura kuma da inda hasken ya fito. Amaryar nan hasken bakin rumfa ya zo mata daga hagun hoto, don haka idon da ke dama ya fi duhu, haka ma kumatun wannan gefen. Ban daidaita su ba. Idan idanu biyu suka yi haske ɗaya alhali rabin fuska yana inuwa, mai kallo zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai san mene ne ba. Na tsaya a R 184, G 169, B 162 a ido mai haske, ɗayan kuma ƙasa da haka da kusan 15. A hoton inuwa irin wannan, da na ga lambobin sun doshi 210 na san na wuce gona da iri.

Abin da ke farkar da fuska a zahiri shi ne ƙyallin ido, ɗigon hasken nan da ke kan baƙin ido. Hoton fitilar ne ko tagar da ta haska mutum, yana dawowa daga saman ido mai damshi kamar madubi. Shi ya sa siffarsa take bin abin da ya haifar da shi: taga tana ba da murabba'i, lemar situdiyo tana ba da zagaye, fitilar zobe da masu kwalliya suke amfani da ita tana ba da zobe. Shi ya kamata ya fi komai haske a cikin idon. Matuƙar farin ido ya kamo shi a haske, ƙyallin ya daina aiki.

Zuƙo hoton zuwa 200% ka nemo shi, kusan kullum akwai shi ko da ya dushe. A na amaryar, bakin rumfa ya bar wani ɗan tsiri a sama ta hagu, wajen ƙarfe goma in ka ɗauki baƙin ido kamar fuskar agogo. Na yi wata leyar Curves dabam, na ɗaga ta fiye da ta farko, na shafa a kan tsirin kaɗai da burushi daidai girmansa, ban faɗaɗa shi ba. Sannan akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: hasken da ya shiga ta ƙarfe goma yana ratsawa ya sauka a ɗaya gefen baƙin idon, wajen ƙarfe huɗu. Da Flow 3% na ja ɗan jinjirin wata a wurin, sai launin ruwan ƙasa na idon ya bayyana. Ban taɓa ɗigon tsakiya ba, ban kuma taɓa duhun da'irar da ta zagaye baƙin idon ba. Idanunmu masu duhu ne. In ka matsa sai su koma ruwan zuma, dangi su ce an sa mata gilashin yayi mai launi da ake mannawa a cikin ido.

Idan ido ɗaya ne ke da ƙyalli, kwafo shi zuwa ɗayan a sabuwar leya, ka sa Blend Mode a Screen, ka rage Opacity. Kada ka juya shi. In yana ƙarfe goma a ido ɗaya, ƙarfe goma zai zauna a ɗayan, don fitila ɗaya ce ta haska su. In ka juya, mutum zai fito kamar mai harara-garke. Idan babu shi a duka biyun, ni ba na son zana farin ɗigo, amma in ya zama dole, ya kasance ƙarami, a rabin sama, a gefen da kumatu ya fi haske, fatar ido ta ɗan yanke samansa.

Mai aiki da Lightroom yana da sauƙi, domin tun 2022 sashen Masking yana da People, inda za ka zaɓi Eye Sclera ko Iris and Pupil. Sai dai yana zaɓar farin duka har da inuwarsa. Ka sa Saturation -25, Exposure kada ya wuce +0.25, sannan ka yi Subtract da Brush ka cire saman da kusurwoyi. A waya kuma, Snapseed yana da Eye Clarity a cikin Portrait. Yana saurin wuce iyaka, kaɗan za ka ja.

Gwajin ƙarshe ba a zuƙe ake yinsa ba. Tattara leyoyin a rukuni ɗaya da Ctrl+G, danna Ctrl+0 ka ga hoton duka, ka kashe rukunin ka kunna. Idan idanun suna tsalle kamar an kunna tocila, rage Opacity na rukunin. Ni nakan tsaya tsakanin 60% da 70%. Ka gwada su da haƙora da farin mayafi ko babbar riga: farin ido da ke cikin inuwar gurbi bai kamata ya fi farin yadin da ke cikin haske ba. Sannan ka tura hoton wayarka ka duba shi ƙarami, domin a nan za a fi kallonsa, kuma a nan ne ƙanwar amarya ta kama ni. Da na tura mata na biyu, ba ta ce komai a kan idanun ba, ta dai tambaya ko zan iya gyara tsinin ɗaurin ɗankwalin da ya karkace.