Yadda ake rarrabe farfaganda da gamsarwa a saƙon kamfe

Duk wanda ya shirya saƙo da niyyar sauya ra'ayin jama'a, gwamnati ce ko kamfani ko ƙungiyar agaji, kayan aikinsa kusan iri ɗaya ne: labari mai taɓa zuciya, fuskar da aka yarda da ita, da maimaici har magana ta zauna a kunne. Shi ya sa mutane da yawa ke kiran duk saƙon da bai yi musu daɗi ba farfaganda, wanda ya yi musu daɗi kuma wayar da kai. Wannan ma'auni ba ya aiki. Abin dubawa shi ne yadda mai saƙon ya ɗauki hankalin mai sauraro. Mai gamsarwa yana ajiye maka hujja ya bar ka ka auna. Mai farfaganda ya riga ya yanke maka hukunci, dabararsa kawai ta yadda zai kai ka can ba tare da ka tsaya aunawa ba. Ga yadda nake bin saƙo in gane wanne ne, da kamfe biyu da za mu riƙa ɗorawa a sikeli.

Na farko a Amurka aka yi shi. Iraƙi ta mamaye Kuwait ranar 2 ga Agusta 1990. Ranar 10 ga Oktoba, wata yarinya 'yar shekara 15 da aka gabatar da sunan Nayirah kawai ta zauna gaban wasu 'yan majalisar dokokin Amurka tana kuka. Ta ce tana aikin sa kai a wani asibiti a Kuwait, ta ga sojojin Iraƙi suna ciro jarirai daga kwalaben da ake sa bakwaini, suna barinsu a ƙasa su mutu. Labarin ya zagaye gidajen talabijin, Shugaba George Bush ya yi ta maimaita shi, kuma a watan Janairu 1991 majalisar dattawa ta amince a yi yaƙi da ƙuri'a 52, masu adawa 47.

Na biyu a ƙauyukan Bangladesh. Daga 1980 zuwa 1990 ƙungiyar BRAC ta tura mata gida-gida suna koya wa iyaye haɗa ruwan gishiri da mazarƙwaila don yaron da ke gudawa: gishiri gwargwadon abin da yatsu uku za su tsinta, mazarƙwaila cikin dunƙulen hannu ɗaya, a kusan rabin lita na ruwa. Sun shiga gidaje kimanin miliyan 12.

Mataki na farko: nemo mai maganar na ainihi, da mai biyan kuɗin

Kafin ka duba abin da aka ce, duba wanda ya sa a faɗa. Ga Nayirah, an ce an ɓoye sunan gidansu ne don a kare danginta da ke Kuwait. Sai a Janairu 1992 ɗan jarida John MacArthur ya bayyana a jaridar New York Times cewa ita 'yar jakadan Kuwait ce a Amurka. Kamfanin hulɗa da jama'a na Hill & Knowlton ne ya tsara fitowarta, a madadin wata ƙungiya mai suna Citizens for a Free Kuwait. Sunan yana nuna kamar taron talakawa ne masu kishin ƙasa, alhali kusan duk kuɗin ƙungiyar, sama da dala miliyan 10, daga gwamnatin Kuwait suka fito. Wani abin lura kuma, zaman da ta yi magana a ciki ba na cikakken kwamitin majalisa ba ne, don haka ba a rantsar da ita ba.

Ma'aikaciyar BRAC kuwa tana sallama, ta faɗi wanda ya aiko ta, ta zauna a tsakar gida. Babu abin da zai lalace idan uwar ɗan ta san ana biyanta albashi.

A aikace, tambayoyi biyu za ka yi wa kowane saƙo, na rediyo ne ko muryar da aka turo maka a WhatsApp: wa ya fara fitar da shi, kuma wa zai ci riba in na yarda? Cin riba shi kaɗai ba laifi ba ne, mai tallan sabulu ma riba yake nema kuma kowa ya sani. Ɓoye mai ribar shi ne alamar.

Mataki na biyu: ware da'awar, ka ga ko za ka iya gwada ta

Cire kuka da kiɗa da hoto, ka rubuta abin da ake so ka gaskata a jimla ɗaya. Ta Nayirah ita ce: sojoji sun kashe jarirai a asibiti kaza. A lokacin Kuwait tana rufe, babu ɗan jaridar da zai shiga ya bincika. Har Amnesty International ta fara goyon bayan labarin, daga baya ta janye. Bayan yaƙi masu bincike suka shiga asibitocin, ba su sami abin da ya tabbatar da shi ba. Farfaganda tana son da'awar da za ta yi aikinta ta gama kafin a samu damar tantance ta.

Da'awar BRAC a hannun uwa take. Ba a karanta mata a tafi, ita ce ke haɗa ruwan da hannunta a gaban mai koyarwa. Bayan 'yan makonni masu sa ido su koma wasu daga cikin gidajen, su yi wa uwar tambayoyi, su sa ta sake haɗawa, a ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji a auna gishirin, domin gishiri in ya yi yawa yana cutar da yaro. Albashin mai koyarwa ya dogara ne kan yadda iyayen suka riƙe darasin. Wannan tsarin biya ya fi burge ni a duk labarin: an ɗaure kuɗin ma'aikaciya da fahimtar mai sauraro, ta yadda in ta yi wa uwa rufa-rufa, aljihunta ne zai ji.

Mataki na uku: duba aikin da tausayi ko tsoro ke yi

A nan mutane suka fi kuskure. Suna zaton duk saƙon da ya motsa zuciya farfaganda ne. Ba haka ba ne, ai uwar da ake gaya wa gudawa tana kisa tsoro ake ba ta, kuma tsoron gaskiya ne. Bambancin shi ne inda tsoron ya nufa. Na Bangladesh yana kai ta ga abin da za ta yi da kanta, ta ga sakamakonsa a jikin ɗanta. Hawayen Nayirah kuwa sun toshe tambayar da ke gaban majalisa, wato a ci gaba da takunkumin da aka sa wa Iraƙi ko a tafi yaƙi yanzu. Wa zai iya miƙewa ya ce a ƙara haƙuri bayan an ce ana jefar da jarirai a ƙasa? Idan ka ji saƙo ya sa yin tambaya ya zama abin kunya, ko ana ce maka ka tura wa mutum goma yanzu-yanzu kafin a goge, to ka ja birki.

Mataki na huɗu: ga yadda suke yi da wanda ya ƙi

Bayan BRAC ta fara, bincikenta ya nuna iyaye sun iya haɗa ruwan amma kaɗan ne ke amfani da shi. Ba ta ce mutanen ƙauye jahilai ba ne. Ta koma ta tambaya, ta gano cewa mutane sun raba gudawa kashi-kashi da sunaye daban-daban, suna ganin ruwan na nau'i ɗaya ne kawai, kuma an bar maza a baya alhali ana jin maganarsu a gida. Sai aka gyara darasin, aka tura maza su yi magana da magidanta a masallatai da kasuwanni. Mai saƙon ne ya sauya saboda abin da ya ji.

Mun ga irin wannan a gida. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa, kuma mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a Kano a 1996 ba. Ƙara ƙarfin sanarwa bai warware komai ba. An dawo da rigakafin a Yuli 2004 bayan jihar ta sa an yi gwaje-gwaje, aka kuma kawo maganin daga Indonesiya. Daga baya sarakuna da malamai suka shigo, aka ɗauki matan unguwa waɗanda aka san gidajensu, aka kuma saurari ƙorafin nan na cewa me ya sa ɗigon shan inna kyauta har ƙofar gida, maganin zazzaɓi kuwa sai da kuɗi, har aka riƙa haɗa rigakafin da duba wasu cututtuka. Akwai lokutan da aka yi barazanar kama iyayen da suka ƙi. Wannan tilas ce, aji na uku ke nan, kada a haɗa ta da gamsarwa don kawai manufar tana da kyau.

Mataki na biyar: gwajin tonon asiri

Wannan ne na fi dogara da shi, musamman in kai ne ke shirya kamfen. Ka ɗauka an kwashe duk takardun shirin, da sunan mai biya, da dalilin zaɓen kowace fuska, an karanta wa masu sauraro a rediyo. Saƙon zai ci gaba da aiki? Da an karanta wa matan Bangladesh tsarin BRAC kaf, babu abin da zai ragu, wataƙila ma amincewa ta ƙaru. Da an ce wa 'yan majalisa ga 'yar jakada, kamfani kaza ne ya shirya ta, da shaidar ta zube nan take.

Gwajin yana kama har saƙon da babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa. A 1929 wani gwanin hulɗa da jama'a mai suna Edward Bernays ya shirya wasu 'yan mata suka kunna taba a jerin gwanon Ista na birnin New York, aka sanar wa 'yan jarida cewa mata ne ke neman 'yanci. Sun sha tabar da gaske, hotunan ma na gaske ne. Abin da ba a faɗa ba shi ne kamfanin taba na American Tobacco ne ya ɗauke shi aiki don ya buɗe kasuwar mata.

Sai dai ka san iyakar matakan nan. Suna gaya maka yadda aka yi saƙon ne, ba sa gaya maka ko manufar daidai ce. Iraƙi ta mamaye Kuwait da gaske, an kuma yi kisa da azabtarwa da aka tabbatar, duk da haka labarin kwalaben farfaganda ne. Haka kuma mutum zai iya fitowa fili da sunansa da hujjojinsa, ya gamsar da kai kan abin da daga baya zai bayyana kuskure ne. Yawancin kamfe, musamman na siyasa, a tsakiya suke: tallan ɗan takara yana faɗin jam'iyyar da ta biya, ya wuce mataki na farko lafiya, sai ya nuna maka titi ɗaya da aka shimfiɗa ya yi shiru kan goman da aka bari. Irin wannan, sai ka koma mataki na biyu, ka rubuta sunan titin, ka tambayi direban da ke bin hanyar.