Farin layin da yake zagaye mutum a hoto: kurakuran Unsharp Mask

Akwai hotunan biki da nake gani, ango ya sha baƙar hula ya tsaya jikin farin bango, amma in ka duba bakin hular sai ka ga wani farin layi ya zagaye ta kamar an bi da alli. Mai hoton zai ce maka ai kyamara ce. Wallahi ba kyamara ba ce, hannunsa ne ya yi nauyi a Unsharp Mask, abin ƙara wa hoto kaifi a manhajojin gyaran hoto irin su Photoshop.

Matsalar farko ita ce mutane sun ɗauka abin nan yana dawo da abin da kyamara ba ta ɗauka ba. A'a. Dabara ce tsohuwa tun zamanin wankin fim a ɗaki mai duhu: a yi kwafin hoton, a dishe shi, a cire dishasshen daga na asali, abin da ya rage shi ne bakin abubuwa, sai a ƙara shi a kan hoton. Lissafin ke nan, Amount shi ne yawan abin da ake ƙarawa:

```
sabo = asali + (asali - dishasshe) x Amount
```

Wato duk inda haske da duhu suka haɗu, ɓangaren haske sai ya ƙara haske, ɓangaren duhu ya ƙara duhu, ido ya ga kamar hoton ya yi garau. Ka ga ke nan farin layin nan ba wani baƙo ba ne, shi kansa ne aikin, kullum yana nan. Abin da ake so kawai ya yi siririn da ido ba zai kama shi ba. Kuma in fokas ya kuɓuce tun wajen ɗauka, ka haƙura, ko 500 ka kai Amount ba zai dawo da ƙwayar ido ba, sai dai ya ba ka dishi-dishi mai layi.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma shi ne uban farin layin, shi ne jan Radius da yawa. Radius shi ne faɗin layin, da fiksel ake auna shi. Mutum ya buɗe `Filter > Sharpen > Unsharp Mask` a Photoshop, hoton yana ƙarami a sikirin don duka ya shigo, ya sa Radius 1 bai ga wani canji ba, sai ya ja zuwa 4, zuwa 6, har sai ya gani. To lokacin da ka fara gani a wannan girman ai ka riga ka wuce gona da iri. Ka danna `Ctrl+1` tukuna hoton ya koma 100%, sannan ka taɓa komai. Hoton da za a ɗora a waya, mai faɗin fiksel 1080 ko kusa da haka, Radius tsakanin 0.3 da 0.8 ya ishe shi. Wanda za a buga a takarda a 300 ppi, wato fiksel 300 a kowane inci, zai ɗauki 1 zuwa 2, saboda fiksel ɗin ƙanana ne sosai a takarda kuma tawada tana ɗan bazuwa. Sannan layin yana ɗan zarce lambar da ka sa, ba daidai nan yake tsayawa ba, don haka kar ka ce ai 3 ne kawai.

Abin da ke cikin hoton ma yana da ta cewa. Aikin zare na babbar riga, gashin ido, zanen lalle, duk ƙananan abubuwa ne masu kusa da juna, Radius babba sai ya sa layin wannan zaren ya hau kan na kusa da shi, aikin ya cuɗe ya zama kamar an zana da biro.

Shi kuma Amount ƙarfin layin ne, ba faɗinsa ba. Mu koma kan hular ango. A ma'aunin 0 zuwa 255, a ce bango yana 200, hula tana 60. Fiksel ɗin bangon da ke manne da hular, a kwafin da aka dishe ya sauko ya zama kamar 150, bambanci 50 ke nan. Ka sa Amount 150%, an ƙara masa 75, ya zama 275, amma ai babu abin da ya wuce 255, sai ya ƙone ya zama fari fat. Ta ɓangaren hula kuma 60 a cire 75, ya faɗi ƙasa da sifiri, baƙi ƙirin. Ka mai da shi 60% kuwa, bango ya tsaya 230, hula 30, bakin ya fito ras kuma ba abin da ya ƙone. Shi ya sa su biyun kamar sikeli suke, in ɗaya ya hau ɗaya ya sauka. Radius 0.4 zai iya ɗaukar Amount 150 ko fiye, Radius 2 kuwa da ƙyar zai ɗauki 70 ba tare da ya tona maka asiri ba. Ni yadda nake yi, sai in ja Amount zuwa 300 da gangan don in ga layin ɓaro-ɓaro, in daidaita Radius har ya yi siriri, sannan in sauko da Amount. Masu GIMP ku lura, can ba da kaso ake rubuta Amount ba, 0.5 shi ne 50%, kar mutum ya je ya buga 5.

Threshold kuma kowa ya bar shi a 0 kamar haramun ne a taɓa. A 0 ɗin komai ake kaifafawa, har da tsaki-tsakin hoton dare da ƙurajen da kwalliyar amarya ta sha wahalar rufewa. Aikinsa shi ne ya ce duk bambancin da bai kai kaza ba a ƙyale shi. Fuska, 3 zuwa 6 ya yi. In ka kai shi 20 kuma sai fatar ta yi dabbare-dabbare, nan kaifi nan laushi. Amma kar ka sa ran zai cire maka farin layi, don bakin hula da bango bambancinsu ya fi ƙarfin duk Threshold ɗin da mai hankali zai sa.

To in ka daidaita duka ukun amma har yanzu layin yana nan a wuri ɗaya ko biyu fa? Ido ya fi saurin kama farin layi a kan baƙin, don haka shi za ka rage. Ka yi aikin a kan kwafin leya da `Ctrl+J`, ka sake kwafin ta, ɗaya ka sa ta `Darken` a 100%, ɗayar `Lighten` ka sauke `Opacity` ɗinta zuwa wajen 40 ko 50. Kaifin yana nan, farin ya lafa. In kuma layin kala yake fitowa, ja ko shuɗi a bakin tufafi, da ka gama Unsharp Mask ɗin sai ka je `Edit > Fade Unsharp Mask` ka zaɓi `Luminosity`, amma nan take, don in ka taɓa wani abu a tsakani zaɓin ya tafi. Wurin da ya gagara, kamar bakin hula da sararin sama, ka sa `Layer Mask` ka goge kaifin daga nan kawai.

Sai maganar lokaci. Kaifi shi ne aikin ƙarshe, bayan an gyara kala an rage girma, don in ka kaifafa hoto mai fiksel 6000 sannan ka matse shi zuwa 1080, lambobin da ka zaɓa sun tashi a banza. Kuma hoton waya yawanci wayar ta riga ta kaifafa shi da kanta kafin ta ajiye JPEG, ka duba bakin abubuwa a 100% tukuna, in ka ga layin yana nan tun asali to Amount 30 ma ya yi yawa wani lokacin.