Na soke ɗakin, amma sun cire kuɗin duka: kurakuran da aka fi yi wajen kama otal da yankan tikitin jirgi

Kusan duk wata sai wani ya turo mini hoton alat na banki, ransa a ɓace, da magana iri ɗaya: “Na fasa tafiyar, na soke ɗakin, amma sun zare kuɗina gaba ɗaya.” Shekara da shekaru ni nake kama wa 'yan uwa da abokan kasuwa ɗaki da tikiti, na Umara da na saro kaya, kuma na gaji da ganin ana faɗawa rami guda. Tushen matsalar shi ne mutane sun ɗauka soke tafiya da karɓar kuɗi abu ɗaya ne. Sokewa kullum kana iya yi. Ko kuɗi zai dawo, da nawa zai dawo, wannan an riga an yanke shi tun ranar da ka danna maɓallin amincewa.

Zan fara da wanda ya ƙona ni. Na kama wa mahaifiyata ɗaki a Madina ta wani shafin kama otal, kwana biyar, Riyal 600 kowane dare, jimla Riyal 3,000. A jikin ɗakin an rubuta `Free cancellation` da koren rubutu, wato sokewa kyauta, a ƙarƙashinsa kuma da ƙananan haruffa an sa ranar da wa'adin zai cika da ƙarfe 23:59. Biza ba ta fito ba. Na ce bari in jira har ranar ƙarshe ko Allah zai sa ta fito. Da dare ya yi na ga shiru, sai na zauna a tsakar gida na soke da ƙarfe goma da rabi, hankalina kwance tunda a lissafina saura awa ɗaya da rabi. Kafin in ajiye wayar alat ya shigo: an cire kwatankwacin Riyal 3,000 cif.

Agogon da ake aiki da shi na garin da otal ɗin yake ne. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, saboda haka goma da rabi na dare a Kano sha biyu da rabi ne a Madina. Na makara da minti talatin da ɗaya. Washegari Hajiya ta ce, “Kai da ka ce kyauta ne?” Ban sami abin da zan ce mata ba, kuma har yau idan na tuna sai raina ya sosu, domin kuɗin da ta daɗe tana tarawa ne. Dubai tana gabanmu da awa uku, Guangzhou da awa bakwai. Wanda ya kama ɗaki a Guangzhou da wa'adin tsakar dare, a nan ƙarfe biyar na yamma ƙofar take rufewa, kafin a kira magariba.

Wani abin da ban karanta ba shi ne abin da ke biyo bayan wa'adin. Wani otal ɗin kuɗin daren farko kawai yake cira, wani rabin jimla, wani duka. A lokutan cunkoso, kamar goman ƙarshe na azumi a Makka da Madina, an fi samun masu cewa duka, kuma wa'adin nasu kan cika tun da sauran makonni. Da ɗakina irin na daren farko ne, da asarar ta tsaya a Riyal 600. Tun daga ranar, da zarar na kama ɗaki nake mayar da wa'adin zuwa agogonmu, in rage masa kwana ɗaya cur, in sa ƙararrawa a waya. Idan ƙararrawar ta buga biza ba ta zo ba, sokewa nake yi, in ta fito in kama wani ko da ya fi tsada. Abokaina na cewa na cika tsoro. Ni dai ban sake asarar ko sisi ta wannan hanyar ba.

Sai kuskuren haɗa abubuwa uku a kira su da suna ɗaya, “sun cire min kuɗi”. Na farko kafin alƙalami ne, abin da za ka ga an rubuta `Deposit` ko `Prepayment`: wani kaso na kuɗin ɗakin da ka bayar tun farko, idan ka je ka cika ragowar. Dawowarsa ya danganta da sharaɗin sokewa, sunansa kaɗai ba ya nufin zai dawo. Na biyu riƙewa ce: otal ya sa banki ya ɗaure wani adadi a katinka don ya tabbatar katin yana aiki, ko a matsayin jingina idan ka ɓata wani abu a ɗaki. Wannan kuɗin bai shiga aljihun otal ba. A manhajar banki yakan fito da alamar `Pending`, kuma yana sakuwa da kansa, wani lokaci cikin 'yan kwanaki, wani lokaci sai ya kai wata guda. Da katin cire kuɗi irin wanda yawancinmu muke riƙe da shi, riƙewar kama take da cirewa sak, domin abin da ke asusunka raguwa yake yi. Kafin ka ɗaga murya, kira bankinka ka tambaya: riƙewa ce ko an kammala biya? Na uku shi ne farashin da aka rubuta wa `Non-refundable`. Wannan ciniki ne gamamme. Sun rage maka farashi, kai kuma ka yarda cewa ko ka zo ko ba ka zo ba kuɗin nasu ne.

A nan ne nake yi wa mutane faɗa. Ka ga ɗaki ɗaya da farashi biyu, Riyal 600 da Riyal 540, sai hannunka ya tafi kan mai arahar, alhali fasfonka yana hannun ejan, biza ba ta fito ba. Don ka tsira da Riyal 300 a kwana biyar ka jefa Riyal 2,700 cikin haɗari. Garin neman gira ke nan. Ni ba na taɓa wannan farashin sai biza da tikiti suna hannuna. Haka kuma rubutun `Pay at the property`, wato ka biya idan ka isa otal, bai ce ba za a taɓa katinka ba. Lambar katin da ka shigar ita ce lamuni, idan ka saɓa sharaɗi daga can za su cira. Kwashe kuɗin asusun don kada su samu kuwa ba dabara ba ce. Yawanci otal kan gwada katin tun kafin ka zo, in ya ga babu komai ya soke ɗakin, ka sauka da tsohuwa da jakunkuna babu masauki.

Inda ka kama, nan za ka soke. Idan ta shafi ka kama, saƙon WhatsApp ga ma'aikacin otal ba sokewa ba ce, ko da ya amsa maka da “babu damuwa”. Matuƙar imel ɗin tabbatar da sokewa bai shigo ba, ɗakin yana nan da sunanka.

Yanzu jirgi, inda asara ta biyu ta same mu, wannan karon ta hannun ƙanena. Ya yanki tikitin zuwa da dawowa Guangzhou kan dala 1,200. Kwana biyu kafin tafiya matarsa ta kwanta asibiti, ya ce ba zai je ba, kuma bai gaya wa kowa ba, ko ejan ɗinsa. Bayan mako ya kira ni: “Yaya, ina so a dawo min da kuɗin tikitin nan tunda ban hau ba.” Muka buɗe rasit ɗin. Kuɗin kujera dala 700, ƙarin da kamfanin ke ɗorawa, wanda ke fitowa da alamar `YQ`, dala 340, harajin gwamnati da na filayen jirgi dala 160. Sharaɗin tikitinsa ya ce idan an soke kafin jirgi ya tashi za a cire tarar dala 200 a ba shi saura. Idan kuwa ba a soke ba kuma bai zo ba, abin da suke kira `No-show`, babu abin da zai dawo sai haraji. Kiran waya ɗaya da ya dawo masa da dala 1,000. Abin da ya samu dala 160 ne, shi ma sai da muka nema a rubuce, don da wuya su turo da kansu.

Ya ce to a bar masa tikitin dawowa ya yi amfani da shi wata rana. Shi ma babu. A tikiti guda, idan ka tsallake zango na farko, na'urar kamfanin tana soke duk zangunan da suka rage. Wannan ya shafi har wanda ya ce zai bar jirgin Kano zuwa Legas ya bi mota ya tari na waje a can, muddin tikitin ɗaya ne. Don Allah, ko a ƙofar asibiti kake, soke kafin lokacin tashi. Ko tikitin da ba a mayar da kuɗinsa ne, ka soke, ka nemi harajin da ba a yi amfani da shi ba.

Akwai kuma masu gaggawar sokewa a lokacin da laifin ba nasu ba ne. Idan kamfani ne ya soke jirgi, kada ka danna soke da hannunka kamar kai ne ka fasa, don sai a lissafa ka cikin masu fasawa a ci ka tara. Ka nemi kuɗinka bisa dalilin cewa su suka soke, kuma a nan sharaɗin rashin mayarwa ba ya aiki. A Najeriya, Sashe na 19 na ƙa'idojin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, na 2023 ya ce a mayar nan take idan tsabar kuɗi ka biya, cikin kwana 14 idan ta banki ne. A Tarayyar Turai doka mai lamba 261 ta 2004 ta sa kwana 7. Idan sun miƙo maka takardar bashin tikiti ta wata tafiya, kada ka amince sai in da gaske kana so, domin da zarar ka karɓa, neman tsabar kuɗi ya yi wuya.

Sauran ƙanana ne. Idan ejan ya yanki tikiti ka ga kuskuren suna ko rana, faɗa masa a ranar, yawanci yana iya warware shi kafin tsakar dare ba tare da tarar kamfanin jirgi ba. Kuɗi yana komawa ta hanyar da ya fito ne, saboda haka in ejan ya biya, wurin ejan zai koma, shi za ka bi. Idan da katin Naira ka biya dala ko Riyal, abin da zai dawo yana iya bambanta da abin da ya fita saboda canji.

Idan kuwa ka soke cikin wa'adi, imel yana hannunka, suka cire duk da haka, to kana da gaskiya kuma ana iya ƙwato kuɗin. Rubuta wa shafin ko otal ɗin, ka haɗa da imel ɗin sokewa mai ɗauke da rana da lokaci, da hoton sharaɗin da ka ɗauka ranar kamawa, da alat ɗin. In sun yi shiru, je bankinka ka cike takardar ƙalubalantar biya, su nemo kuɗin ta hanyar Visa ko Mastercard. Wa'adin wannan yawanci kwana 120 ne, ni kuwa mako biyu kawai nake ba otal kafin in wuce banki.