"Injiniya wayata ta lalace, a duba": kurakuran da masu shago ke yi a takardar da suke aiko wa mai gyara

Kusan kullum sai direba ko yaron shago ya miƙo min waya a leda da 'yar takarda a naɗe, in buɗe in ga an rubuta "Salam Injiniya, wayar nan tana kashe kanta tana kunna kanta kuma tana zafi, a duba min". Shi ke nan fa. To Alhaji me zan duba? Kai kana shagonka a can, ni ina nan kasuwar wayoyi ta Farm Centre a Kano, wayar da zan kira ka da ita kuma ita ce a hannuna. Mutuwa da tashi da zafi, abu wajen biyar na iya kawo su, batir ko caja ko wajen caji ko manhaja ko fanel ɗin kansa, wato allon da ke ɗauke da kayan cikin wayar, kuma kuɗin gyaransu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Babban kuskuren shi ne ba a faɗin lokacin da take mutuwa. Wannan ya fi komai amfani a wajena wallahi. Wayar da take tsayawa a kan logo ta koma ta sake tashi, ba ta taɓa shiga ciki ba, daban take da wadda take aiki lafiya sai an buɗe kyamara ko ana kiran bidiyo ta ɗauke. Ta farkon sau da yawa manhajar wayar ce ta rikice, ko sabuntawa ta yanke a tsakiya ko ma'ajiyarta ta cika maƙil, wani lokacin ma maɓallin kunnawa ne kawai ya maƙale yana danna kansa. Ta biyun kuwa na fi zargin batir, don batir in ya gaji ba ya iya ba da wuta lokacin da aka buƙaci da yawa a tashi ɗaya, sai wayar ta faɗi. Saboda haka ka rubuta: a kashi nawa take mutuwa? In tana nuna 40 sai ta mutu ta dawo da 10, faɗa min. In an jona ta a caji ta daina mutuwar, wannan ma faɗa min, kusan ka gama min aikin.

Sai maganar zafi. "Tana zafi" ba bayani ba ne, a watan Afirilu a Kano da rana ke wuce digiri 40 wace waya ce ba ta zafi, musamman wadda aka ajiye a kan kantar shago ƙarƙashin rufin kwano tana caji ana tiransifa da ita? Su kansu masu ƙera wayoyi yawanci har digiri 35 suke cewa a yi amfani da ita. Abin da nake so in ji shi ne ina ne yake zafin. Ka cire rigarta ka shafa bayanta da hannu. In sama ne kusa da kyamara, a yawancin wayoyi nan fanel yake, ko dai wani abu na wahalar da ita ko wani sashe ya haɗe yana cin wuta. Tsakiyar baya zuwa ƙasa kuwa wajen batir ne, in kuma can ƙasa ne daidai bakin caja to wajen cajin ne ko wayar cajar. Ka kuma faɗa min ko tana zafi alhali tana ajiye ba a taɓa ta ba, don wannan shi ne wanda ba na so, alama ce akwai abin da ke shan wuta a ciki ba tsayawa.

Akwai kuma ɓoye gaskiya, wannan kam kowa na yi. Waya ta faɗa bokiti, ko ruwan leda ya fashe a kanta a cikin kula, an tusa ta a buhun shinkafa kwana biyu sannan a rubuto min "haka kawai ta fara". Ba haka kawai ba Malam. Shinkafa ba ta cire tsatsar da ruwa ke bari a fanel, kuma da na buɗe zan gani, sai dai ka ɓata min awa biyu ina neman matsala a inda ba ta. Haka in ta faɗi ƙasa, ko an taɓa canza mata batir a wani waje, ko cajarta ta asali ta ɓata ka koma 'yar arha kana caji da inji, duk a rubuta, ba faɗa za a yi maka ba. Cajar ma a haɗo ta cikin ledar.

Wasu kuma su ne likitocin, "Injiniya ka yi mata filashin kawai". Kar ka ba da wannan umarnin in ba ka san abin da yake yi ba, filashin yana share komai, hotunan rasit, lambobin diloli, lissafin bashin da ka ajiye a ciki duk sun tafi, kuma in batir ne matsalar ka yi asarar banza don za ta ci gaba da mutuwa. Bayan haka ma wayar za ta iya neman asusun Google ɗin da ke kanta, mutum ya ce shi bai san shi ba wani yaro ne ya buɗe masa. Gara ka rubuta kar a share komai sai an tambaye ka. In tana iya tsayawa 'yan mintuna ka gwada Safe mode, wato tayar da ita ba tare da manhajojin da ka sauke ba, kafin ka aiko, a wayoyi da yawa za ka danne maɓallin kunnawa sannan ka danne Power off ɗin da ya fito a sikirin har ta tambaye ka. In ta zauna lafiya a haka to wata manhaja ce da ka sauke, ƙila ma ba sai ta zo wajena ba.

Layi da memori a cire. Lambar sirrin banki ba ta da hurumi a takarda. Ka danna *#06# ka kwafi IMEI, wato lambar shaidar wayar, ka ajiye a wajenka, ka rubuta min samfurin wayar kamar yadda yake a kwalinta, da wata lambar da zan same ka.

Ga irin takardar da nake so, wani mai tireda ne ya aiko bayan na dawo masa da ta farko:

"Assalamu alaikum Injiniya, ya kasuwa? Ga wayar nan da cajarta. Shekararta biyu a hannuna, ta fara kwana goma da suka wuce. Tana shiga ciki lafiya, amma da caji ya sauko wajen 35 sai ta mutu ta tashi, a rana kamar sau shida, ya fi yawa in ina kiran bidiyo. In tana jone ba ta yi. Zafin a tsakiyar bayanta yake, kuma marfin ya ɗan ɗago ta gefe. Ba ta shiga ruwa ba, ba a taɓa buɗe ta ba, cajar dai ba ta asali ba ce. Don Allah kar a yi filashin, akwai lissafin shago a ciki. A kira ni a lambar ƙanina da ke ƙasa kafin a canza wani abu. Na gode, Allah ya ba da sa'a."

Da na ga "marfin ya ɗago" ban ma jona ta ba. Batir ne ya kumbura, kuma irin wannan ba a cajinsa, ba a danna shi ya koma, ba a sa shi a firij wai ya huce, don yana iya kamawa da wuta. Na buɗe a hankali na canza shi, na auna wajen caji na ga lafiyarsa lau, na bar ta tana bidiyo har ta sauko ƙasa da 10 ba ta mutu ba. Na kira ƙanin na ce ya gaya masa ya jefar da cajar nan, washegari direba ya koma da ita, lissafinsa na nan yadda ya bar shi.