Kyautar da ta dace da yaro mai galahanga idan kun sauka Ingila

'Yar'uwa, idan kin zo da yaro mai galahanga, wato otizim, wanda ƙara da hasken wuta ke rikita shi, don Allah kar ki yi saurin kwasar kayan wasan da ake cewa na irin yaran nan ne. Da yawansu walƙiya suke yi suna kiɗa, abin da yaron ke gudu ke nan. Ni ma da muka zo sai da na sayo wa ɗana wata ƙwallo mai wuta kala-kala, ina kunnawa ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin tebur, ranar ko abincin dare bai ci ba.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne abin toshe kunne mai kama da hedifon, irin na masu aikin gini amma na yara. Ki duba kwalin za ki ga an rubuta SNR da lamba, wato ma'aunin yawan ƙarar da yake ragewa, wajen 25 zuwa 27 ya wadatar, yana rage ƙara amma zai ji ki in kin yi magana kusa da shi. Ki saya kafin 5 ga Nuwamba, daren nan da suke ta harba tartsatsin wuta, kuma ba dare ɗaya ba ne wallahi, ana farawa tun kwanaki kafin nan. Kar ki bari sai an fara sannan ki ɗora masa a ka, zai fizge ya jefar. Mu mun ajiye shi kan kujera kwana uku yana taɓawa, babansa ya sa nasa a gabansa, sannan ya yarda na minti biyu, a hankali har ya zama shi ke ɗaukowa da kansa in za mu shiga bayin kanti, saboda injin busar da hannun nan mai ihu. Amma ba a barin shi a kunne wuni guda, kunnen zai saba da shiru ƙarar ta ƙara damunsa.

Wuta kuma, lokacin sanyi ƙarfe huɗu duhu ya yi, sai a daɗe cikin hasken ƙwan fitila. Ki nemi ƙaramar fitilar tebur da ƙwan fitila da aka rubuta wa 2700K, haskensa ja-ja ne kamar na aci-balbal, ki kashe farar ta sama. In kin ga yana lumshe ido yana kau da kai, hasken ya yi yawa.

Bargo mai nauyi wasu yaran na so, nawa dai ƙi ya yi. Kada ya wuce kashi goma cikin ɗari na nauyin yaron, mai kilo 20 bargon kilo 2 ke nan, banda rufe kai, banda jarirai da 'yan ƙanana, kuma dole ya iya yaye shi da kansa. Ki fara tambayar likitansa. Duk abin wasa mai ƙaramin batir kamar maɓalli, ki tabbata murfin da sukuru aka ɗaure shi, haɗiye batirin na iya kisa.