Yadda ake rubuta bayanin kasafin kuɗi a takardar neman tallafin ƙungiya

Teburin kasafi yana nuna nawa kuke nema. Shafin bayanin da ke biye da shi ne yake nuna inda kowace lamba ta fito, kuma nan ne ƙananan ƙungiyoyinmu na Damagaram suka fi yin tuntuɓe. Mai duba takardarku yana Yamai ko wata ƙasa, bai san farashin tiyar gyaɗa a kasuwar Dole ba, bai san kuɗin mota daga Mirya zuwa Zinder ba. Abin da yake iya yi kawai shi ne ya ɗauki kalkuleta ya sake lissafin. In lissafinsa ya faɗa kan lambarku, ya wuce. In bai faɗa ba, ko ya rasa abin da zai lissafa, ya zare layin.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi. Ƙungiyar mata ce a Garin Malam, tana son horar da mata 30 tatsar man gyaɗa da yin ƙuli-ƙuli tsawon kwana 5, sannan a riƙa bibiyarsu wata 6. Farashin da zan sa na misali ne, ku je kasuwa ku tambayo naku.

Kafin ku rubuta komai, ku ajiye jadawalin ayyukan kusa da teburin kasafi. Duk layin kuɗi dole ya rataya a kan wani aiki da kuka ambata, da lamba iri ɗaya a duk wuraren. In abinci shi ne layi 2.1 a tebur, ya zama 2.1 a bayani. In kun ce mata 30 a shafi na uku, kada su koma 35 a kasafi. Yakan faru in mutum biyu suka raba rubutun, kuma shi ne abu na farko da ido ke kamawa.

Daga nan kowane layi ya amsa tambaya uku: me za a saya, yaya aka yi lissafin, daga ina farashin ya fito. Da yawa sukan rubuta "Abincin mahalarta: sefa 247,500" su tsaya. Wanda ya iya zai ce: "Abincin rana na mutum 33, wato mata 30, masu horarwa 2 da wakiliyar ƙungiya 1, kwana 5, sefa 1,500 kowane kwano, jimilla 247,500. Farashin daga takardar kiyasin mai dafa abinci ce, an haɗa ta a ƙarshen takarda." Kun ga mutum ukun nan da suka ƙaru? Da ba a bayyana su ba, mai duba zai raba kuɗin da 30, ya ga kwano ya haura, ya ɗauka an cusa wani abu.

Kuɗin mota ya fi son a raba shi. Mata 20 na cikin gari ne, daga Birni, Zango da Garin Malam, sefa 500 a rana ta ishe su kabu-kabu zuwa da dawowa: 20 sau 5 sau 500, sefa 50,000. Goma daga Mirya suke, sefa 1,500 a rana: 75,000. Jimilla 125,000. Ku rubuta kuma cewa kowace za ta sa hannu ko ta dangwala yatsa a takardar karɓa kullum, domin wannan takardar za a nema ranar bincike. Wani abu da ya kamata a kula: a kasuwa da dala muke ƙirga, a takarda kuwa da sefa. Wadda aka aika tambayar farashi in ta dawo ta ce ɗari, sefa 500 take nufi. A tabbatar kafin a rubuta.

Gyaɗa ita ce layin da ya fi buƙatar magana, saboda farashinta ba ya zama wuri ɗaya. Da kaka tana araha, da bazara zuwa damina ta yi sama, kuma tsakanin ajiye takarda da fitowar kuɗi watanni kan shige. Don haka ku faɗi watan da kuka ɗauki farashin da watan da za ku saya. Ga yadda zai fita: an raba matan rukuni 6, kowane rukuni zai sarrafa tiya 10 ta ɓararriyar gyaɗa a rana, kwana 4 na gwaji domin ranar farko ta bayani ce, tiya 240 ke nan, a sefa 1,500 kowace, 360,000. Sai ku ƙara jimla ɗaya: an tambayi farashi a kasuwar Dole a watan Nuwamba lokacin araha, horon kuma a watan Mayu ne, shi ya sa aka sa farashin bazarar bara da ke cikin littafin sayayyar ƙungiya. Wannan ya fi a ɗora kashi 20 a ɓoye. Ƙarin da aka bayyana ana iya tattaunawa a kansa, wanda aka ɓoye kuwa in an gano shi sai a fara zargin sauran layukan ma.

Injin niƙa, da yake kaya ne mai tsada da zai rage bayan aikin, tambayoyinsa sun fi yawa. Me ya sa za a saya, ba a riƙa kai niƙa unguwa ba? A ina za a ajiye shi, wa zai kula da shi, da wane kuɗi za a gyara in ya lalace? Amsa gajera ta isa: zai zauna a ɗakin ƙungiya, mata za su riƙa biyan kuɗin niƙa kaɗan a asusun gyara. Ku nemo takardar kiyasi daga ƴan kasuwa uku masu lambar haraji, wato NIF, domin rasit ɗin da aka rubuta a yagaggen littafi ba ya wucewa wurin yawancin masu ba da tallafi. Ku duba kuma ko farashin ya haɗa da harajin TVA, wanda a Nijar kashi 19 ne cikin ɗari. Injin 450,000 ba haraji, da haraji 535,500 ne. Bambancin 85,500 ɗin daga aljihun ƙungiya zai fito in kun manta.

Ladan mutane kuwa a fito da shi fili. Masu horarwa 2, kwana 6 har da ranar shiri, sefa 10,000 a rana, 120,000. Sakatariyar ƙungiya tana karɓar 60,000 a wata, rubu'in lokacinta za ta ba wannan aiki, saboda haka 15,000 sau wata 6, sefa 90,000. Kada ku sa albashinta duka alhali tana wasu ayyukan. Kada kuma ku ɓoye ladanta cikin kuɗin takardu don jin nauyi, aiki ne take yi.

Layin "sauran abubuwa" ni dai shawarata ku cire shi. Katin waya, fotokofi, kuɗin banki, kowanne ya samu layinsa. Kuɗin gudanar da ofis yana da iyaka wurin mai ba da tallafi, Tarayyar Turai alal misali galibi ba ta wuce kashi 7 na kuɗin aikin kai tsaye, don haka ku karanta ƙa'idar wanda kuke nema wurinsa. Gudummawarku ma ku yi mata farashi: zauren da mai unguwa ya ba ku aro, in hayarsa 10,000 ce a rana, sefa 50,000 ce kuka kawo.

In fom ɗin da yuro ake cika shi, da sauƙi, yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi. Dalar Amurka kuwa tana hawa da sauka, sai ku rubuta canjin da kuka yi amfani da shi da ranarsa. Kafin ku aika, ku ba wani da bai sa hannu a rubutun ba shafin bayanin kaɗai, ba tare da tebur ba, ya fitar da jimillar kowane layi da kansa. Duk inda ya tsaya ya tambaye ku "wannan fa daga ina?", wannan layin za ku koma ku gyara.